Gari na Zama ko na Tuwo: Fashin Baƙi kan Haɗa Littafin Koyon Karatu da Ajami da Boko

Na taɓa kai wa wani dattijo shafin gwaji guda daga littafin koyon karatu da muke shiryawa. Mutum ne da ya sauke tun yana saurayi, bashin shagonsa ma da Ajami yake rubutawa, boko ne kawai ya zo masa da girma. Aikin da ke shafin mai sauƙi ne a ganina: ga kalmomi biyar da boko, a mayar da su Ajami. Ya rubuta huɗu ba tare da ya ɗaga kai ba, da ya zo ta biyar sai ya ajiye biro.

"Malam, wane garin kake nufi? Na zama ko na tuwo?"

Na ce, "Baba, ai duk gari ne."

Ya ce, "A naku rubutun ba. A namu, na tuwo yana da alif."

Gaskiyarsa. Garin da ake zama a ciki غَرِي ne, garin tuwo kuwa غَارِي, don wasalin farko dogo ne. Takardar amsata guda ɗaya ta tanada, alhali tambayar amsa biyu gare ta. Da malamin aji ne ya bi takardar tawa, da ya soke wa dattijon amsar da take daidai.

Duk wahalar littafi mai rubutu biyu daga nan take tasowa. Mai shiryawa yakan ɗauka Ajami da boko tamkar riga biyu ne a jiki ɗaya, kowane harafi a nan yana da abokinsa a can, sai a jera su a ce ɗalibi ya ja layi. Ba haka abin yake ba. Kowanne a cikinsu akwai abin da yake nunawa wanda ɗan'uwansa ya yi shiru a kai, kuma aikin haɗawa yana lalacewa ne daidai wuraren da ɗaya ya yi magana ɗaya ya yi shiru.

A fara da wasali, don nan ne ramin ya fi zurfi. Bahaushe yana furta wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, goma ke nan, ban da tagwayen ai da au. Boko yana rubuta biyar, bai damu da tsawo ba. Ajamin da aka gada yana rubuta takwas: fataha da kisira da rufu'a da imala, wato ɗigon nan mai kauri da ake sa wa a ƙarƙashin baƙi don ya ba da e, sannan kowannensu yana da dogonsa. Inda ya gaza shi ne o da u, duk rufu'a ce take ɗauke da su. Saboda haka boko ya haɗe suna na yanka da suna na "suna zuwa", Ajami ya raba su, سُونَا da سُنَا. Ajami kuma ya haɗe kura da kora, duka كُورَا, boko ya raba su. Akwai kuma inda dukansu suka yi shiru, wato karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya iri ɗaya suke a kowane rubutu, haka fara ta ci da fara ta "ya fara".

Abin da wannan yake nufi ga mai shirya aikin gwaji shi ne, tambaya tana iya inganta ta fuska ɗaya ta lalace ta ɗaya fuskar. In ka ba ɗalibi غَارِي ka ce ya rubuta da boko, amsa ɗaya ce, gari. In ka juya tambayar, ta zama biyu. In ka ba shi kora ka ce ya mayar Ajami, lafiya lau. In ka juya, ba shi da hanyar sanin kura ce ko kora. Don haka ba a rubuta jerin kalmomi guda a ce ya yi aiki gaba da baya. Kowace fuska da nata jerin, kuma kalmar da take da tagwai ba ta shiga sai da hoto a gefenta ko a cikin jimla.

Kafin a kai ga wannan ma akwai shawarar da dole a yanke: wane Ajamin? Boko ya sha zama a kansa. Tun ƙa'idojin da Hanns Vischer ya fitar a 1912, zuwa shigowar baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, an yi ta daidaita shi har ya zauna, in ban da ɗan bambanci irin na 'y a Nijeriya da ƴ a Nijar. Ajami bai sami irin wannan zaman da kowa ya amince da shi ba. Almajirin allo ya tashi da ruwayar Warshu da rubutun Magaribi, ɗan Islamiyya ya tashi da Hafsu da rubutun Gabas. A wajen na farko, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonta ɗaya a sama. A wajen na biyu, mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa, ƙaf ɗigo biyu gare ta. Ka ga ke nan harafi ɗaya ne kowa yake kiransa da suna daban. Ka buga فَارَا da zubin Gabas kana nufin fara, almajirin allo zai karanta ƙara, kuma bai yi kuskure ba.

Ba a raba wannan gardama da cewa wane ne ya fi asali. Ana raba ta ne da tambayar su wa za su zauna a ajin. In manyan mutane ne da almajirai da suka yi allo, a bi Warshu. In matan aure ne da yaran da suka yi Islamiyya, a bi Hafsu, amma a ari ɗigon imala, don Hafsu ba ta tanadi alamar e da za a yi aiki da ita kullum ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gauraya, a sami fa ta wannan a darasi na shida, ta wancan a darasi na goma. Wanda yake son ya yi wa ɓangarorin biyu hidima gara ya fitar da bugu biyu. Shafin boko da hotuna ba sa canzawa, don haka kuɗin bai kai yadda ake tsoro ba.

Shawara ta biyu ita ce ta baƙaƙen da Larabci ba shi da su. Wasu an daɗe da sama musu gida: ث ta zama c, غ ta zama g, ط ta zama ɗ, ق ta zama ƙ. Wasu kuwa tsofaffin marubuta sun bar wa mai karatu ya gane da kansa. Bari da ɓari duk da ب ake rubuta su, ɗ da ts ma a wasu rubuce-rubucen harafi ɗaya ne. Masani yana karanta waƙa a haka ba ya tuntuɓe, don ma'ana tana ja masa gora. Mai koyo ba shi da wannan gatan. Littafin koyo dole ya ba kowane sauti harafinsa, kuma hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ƙarin ɗigo uku, kamar ڟ don ts da ݑ don ɓ. Ni ra'ayina, kada mai littafi ya ƙirƙiro sabon harafi don ya burge. Ya ɗauki wanda mutanen yankin suka riga suka gani a littattafan kasuwa, ya rubuta shawararsa a shafi ɗaya a farkon jagoran malami, sannan ya tsaya a kanta har bango. Haka batun o. Wasu suna ƙara alif bayan wawu, wasu suna sa ƙaramar alama, babu wadda ta game ko'ina. Ko dai a zaɓi ɗaya a koyar da ita a fili, ko a bar o da u a haɗe a riƙa raba su da hoto. Na fi karkata ga na biyun in ɗaliban sun riga sun iya Ajami, don gyara wa mutum abin da hannunsa ya saba ya fi koya masa sabo wuya.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, inda Ajami ne yake da haruffa fiye da buƙata. Sautin s yana iya zuwa da س ko ص, z da ز ko ذ ko ظ, h da ه ko ح, har l ma tana zuwa da ض a kalmomin aro irin su alƙali da larura, shi ya sa a allo ake kiran harafin lodi. Malamin da ya san Larabci hannunsa ba ya yarda ya rubuta salla da س. To amma in ka ce wa mai koyo ya mayar da sabulu Ajami, wace s zai ɗauka? Mafita ita ce a cikin darussa a tsaya kan harafi ɗaya ga kowane sauti, kalmomin aro masu rubutun Larabci kuma a tara su a darasi guda can ƙarshe, a koyar da su don a gane su in an gani, ba don a yi jarrabawa a kansu ba.

Yanzu jerin darussa. Nan ne mutane da yawa suke bin a, b, c ko alif, ba, ta, duka biyun kuwa tarko ne. Kowane rubutu yana da haruffan da suke rikita ido, kuma ba su zo ɗaya ba. A boko b da d ne, musamman ga wanda hannunsa ya saba tafiya daga dama, sai kuma d da ɗ, k da ƙ, waɗanda ƙugiya kawai ta raba. A Ajami د da ط ba su ko yi kama ba, amma b da t da c da n da y duk haƙori ɗaya ne a farkon kalma da tsakiyarta, ɗigo ne kawai ya bambanta su. Jerin alif, ba, ta yana kawo uku daga cikinsu a jere, jerin a, b, c, d kuma yana kawo b da d kusa da juna. Jerin da zai yi aiki shi ne wanda ya nisanta masu kama a rubutun biyu a lokaci guda, ya kuma jinkirta fa da ƙaf da baƙaƙen da aka ƙara wa ɗigo.

Ga yadda nake farawa. Darasi na ɗaya baƙaƙe uku, k da r da m, da wasula uku, a da i da u. Babu mai kama da wani a cikinsu ta kowace fuska, Warshu da Hafsu ba su yi saɓanin da zai rikita mai koyo a kansu ba, ر kuma ba ta haɗuwa da na bayanta, don haka siffarta ba ta yawan canzawa. Da su kaɗai ana samun kara, kira, kura, rami, rama, kaka, kuma. Darasi na biyu a ƙara d da s, a sami dami, kada, masara, sama. Na uku n da g, a sami rana, nama, gida, riga. Sai a darasi na biyar ko na shida b za ta shigo, bayan d ta zauna a boko, n kuma ta zauna a Ajami. T ta ƙara jira.

Wani abu da ba a ankara da shi sai an fara rubutawa: ba a iya jinkirta dogon wasali. Mai shiri yakan so ya fara da gajeru, ya bar alif da wawu da ya na ja sai darasi na goma. Amma yawancin sunayen abubuwa a Hausa da dogon wasali suke ƙarewa. Gida, wuta, ruwa, kara, duk a ƙarshensu akwai ja, kuma su ne kalmomin da ake iya zanawa. Saboda haka allon gaɓoɓi na darasin farko ba zai daidaita ba, kuma bai kamata a tilasta masa ba. A gefen boko gida uku ne, ka, ki, ku. A gefen Ajami gida shida ne, كَ da كَا, كِ da كِي, كُ da كُو. A zana shi yadda kowane gidan boko zai fuskanci gida biyu na Ajami, malami ya faɗa da baki tun ranar farko cewa boko ba ya rubuta ja. Wanda ya ji wannan a ranar farko ba zai zo yana tambayar inda alif ya tafi a darasi na takwas ba.

Wannan ne ma dalilin da ya sa gaɓa ce ma'aunin haɗawa, ba harafi ba. Kalmar ido haruffa uku ce a boko, farkonta wasali. A Ajami babu kalmar da take farawa da wasali tsirara, sai an kafa alif mai hamza ko ع an ɗora wasalin a kai. Hannu tana da n biyu a boko, a Ajami nun ɗaya ce da shadda. Sh da ts haruffa bibbiyu ne a boko, ɗaiɗai a Ajami. In ka ƙirga harafi ba za su taɓa yin daidai ba. In ka ƙirga gaɓa, i-do biyu ce a ko'ina, ma-sa-ra uku ce a ko'ina. Gaɓar Hausa kuwa iri uku ce kacal: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi mai ɗauri. Almajirin da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya riga ya san wannan aikin da kunnensa, sunan ne kawai bai sani ba. Yana da kyau ma jagoran malami ya kira haruffa da sunayen da aka san su da su a allo, irin su kaulasan da ɗa mai hannu da lam'ara, don ɗalibi ya ji a gida yake.

Bari mu ɗauki shafin gwaji na ƙarshen darasi na uku mu gina shi. Zubin farko da yakan zo wa mutum shi ne ya jera kura, rana, masara, gida, dami a hagu, ya hargitsa Ajaminsu a dama, ya ce a ja layi. Kowa zai ci biyar bisa biyar, mai littafi ya yi murna, alhali bai auna komai ba. Kowace kalma da baƙin farkonta daban, don haka wanda ya gane harafin farko kawai ya gama. Masara ta fi sauran tsawo, ana gane ta daga nesa. Ta ƙarshe kuma kyauta ce, don ita kaɗai ta rage.

Zubi na biyu sai a sa kalmomin da suka yi tarayya a baƙaƙe suka rabu a wasali: kara, kira, kura a rukuni ɗaya, rami da rama a wani. Yanzu dole ɗalibi ya duba ko alamar tana sama ko tana ƙasa, ko akwai wawu ko babu. A gefen Ajami a sa bakwai maimakon biyar, biyu ba su da abokai, don kada ta ƙarshe ta zo a ɓagas. Sai dai a kula da waɗannan biyun na ƙari. In ka sa كَارَا a matsayin tarko kusa da كَرَا, ka koma ramin gari, don boko kara zai karɓi duka biyun. Irin wannan tarkon yana halatta ne kawai in an zana karan dawa a gefen kalmar. Haka rama: in babu hoton ganyen, wani zai karanta ta da ja, ta ramuwar gayya, ya nemi alif bayan ر ya rasa.

Bayan ja layi sai cike gurbi, shi ma da gaɓa. A rubuta ma, a bar fili, a rubuta ra, a gefe ga مَسَرَا cikakkiya da hoton masara. A layi na gaba a juya, boko ya cika, Ajami ya sami giɓi. A nan sai an yi hattara da siffar harafi, don س ta tsakiya ba ita ce ta ƙarshe ba. A bar jan layin haɗi a gurbin yadda ɗalibi zai ga cewa abin da zai rubuta a manne yake da na gabansa da na bayansa. Mataki na ƙarshe shi ne shifta: malami ya faɗi kalma a cikin jimla, ɗalibi ya rubuta da rubutun biyu. Wannan ne kaɗai gwajin da ba a iya ci da duba siffa, don babu abin dubawa.

Don kada tagwaye su sulale, ina ajiye jadawali na duk kalmar da za ta shiga littafin: rubutunta na boko, na Ajami, ma'anar da ake nufi, darasin da baƙaƙenta suka cika, sai gida na ƙarshe inda nake rubuta duk wata kalma da take kama da ita a ɗaya daga rubutun. Gidan ƙarshen nan ba mutum ɗaya yake cika shi ba. A karanta wa mutum biyu ko uku jerin, zai fi kyau masu karin harshe daban, don abin da Bakano bai ji tagwai a ciki ba, Basakkwace yana iya ji. Kalmar baƙi kanta sai da aka tuna mini cewa in an ja ta, mutanen da suka zo daga nesa ne.

In jimloli suka fara shigowa, sababbin abubuwa biyu suna tasowa. Na farko rabon kalma. Marubutan Ajami sukan manne ƙananan kalmomi da na kusa da su, ya tafi ta zama dunƙule ɗaya. A littafin koyo gara a bi rabon boko a rubutun biyu, yadda kalma ta uku a wannan layi ita ce ta uku a wancan. Na biyu, dogon wasali yana gajarcewa in gaɓa ta rufe. Gida غِدَا ce, amma gidan غِدَنْ ce: boko ya ƙara harafi ɗaya kawai, Ajami ya jefar da alif ya kawo nun mai ɗauri. Wannan yana buƙatar darasinsa na kansa da misalai da yawa, rana da ranar, rami da ramin, in ba haka ba za a yi ta ganin alif a inda ba ya zama. A kuma rubuta nun ɗin a fili, kada a yi amfani da tanwini a madadinta ko da an saba ganin haka a tsofaffin takardu.

Ta fuskar shafi, abin da na ga ya fi zama shi ne boko a hagu, Ajami a dama, hoto a tsakiya. Kowane rubutu ya taso daga gefen da ya saba farawa, su haɗu a wajen hoton. Littafin ya buɗe ta fuska ɗaya kawai, a sa ƙaramar kibiya a saman kowane rukuni tana nuna inda ake farawa. Manyan baƙaƙen boko su jira sai an zo sunayen mutane da garuruwa, tunda Ajami ba shi da su.

Wajen bugu kuwa, ɗigo ne abin tsoro. Zubin haruffa irin su Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun hannun Kano, da Harmattan suna ɗauke da haruffan da ake buƙata. Fa da ƙaf na Warshu suna da lambobinsu a Unicode, U+08BB da U+08BC, ɗigon imala kuma U+065C. In aka buɗe aikin a na'urar da ba ta da zubin, waɗannan haruffa sukan koma akwatuna, haka ma ɓ da ɗ da ƙ a wasu zubin boko, don haka a kai wa maɗaba'a PDF. Amma ko an tsallake wannan, akwai na'urar kwafi. Littafin koyo a ƙarshe kwafinsa ake yi, a kuma yi kwafin kwafin. Ɗauki kalmar bebe: ɗigon ب yana ƙasa, ɗigon imala ma yana ƙasa. In rubutun ƙarami ne, a kwafi na uku sun zama ɗigo biyu a jere, ب ta koma ي. Kafin a amince da girman rubutu, a yi kwafin shafi sau uku a jere, kowanne daga na bayansa, a miƙa wa mai raunin ido ya karanta da hasken yamma.

Sai gwaji da mutane, ko da shida ne ko takwas, rabi waɗanda suka fara da allo, rabi waɗanda suka ɗan taɓa boko. Ba makin da suka ci ne abin dubawa ba, irin kuskuren ne. Wanda ya rubuta raanaa ko gidaa da boko ya fahimci ja sarai, ba a dai gaya masa boko ba ya rubuta shi ba. Wanda ya rubuta hanu a maimakon hannu yana neman inda zai ɗora shadda ne ya rasa, sai a ƙara aikin da yake fuskantar da shadda da baƙi biyu. Wanda ya sa alif bayan kowace a, ya rubuta masara da alif uku, harafi yake bi ba sauti ba, alamar cewa an cika masa aikin kwafi an rage masa shifta. Wanda ya rubuta kura inda ake son kora daga Ajami, ba shi ya yi kuskure ba. In kuwa mutum biyar cikin takwas suka faɗi a tambaya ɗaya, a bar su a koma kan tambayar.

Takardar amsa ma sai an sake mata zubi. A gaban kowace tambaya a rubuta amsar da ake so, a ƙarƙashinta a rubuta waɗanda za a karɓa: ح a wurin ه, ع a wurin alif mai hamza, ص a kalmar da asalinta na Larabci ne. Malamin sa-kai da aka ba horon mako guda ba zai yanke wannan hukunci da kansa ba, abin da ya gani a takarda shi zai bi. A bugun da muka gyara, tambayar nan ta biyar ta rabu biyu: a layi ɗaya an zana ganuwa da rufin gidaje, a ɗayan an zana ƙwarya da rariya, kalmar boko iri ɗaya a ƙarƙashin kowanne, da fili biyu na Ajami.